Mako guda kafin jarrabawar rumbun bayanai: da me zan fara, da me zan ƙare?

Tambaya: Malam, saura kwana bakwai mu rubuta jarrabawar kwas ɗin rumbun bayanai, ni kuwa takardu sun yi mini yawa, na rasa ta inda zan kama. Don Allah a tsara mini bita ta mako ɗaya, daga abin da ya fi sauƙi zuwa wanda ya fi wuya.

Amsa:

Ɗana, kafin ka buɗe kowace takarda, ɗauki farar takarda guda ka rubuta tebura uku a kanta, domin su za ka yi ta juyawa har mako ya ƙare:

```
dalibi(lamba, suna, sashe)
kwas(kod, take, malami)
rajista(lamba, kod, maki)
```

Ka zuba wa kowanne layi huɗu ko biyar da hannunka, ka bar makin mutum biyu babu komai a ciki. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne, darussan kwas ɗin nan a kan juna suke zaune. Wanda makulli bai zauna masa ba ba zai iya haɗa tebura ba, wanda kuma bai taɓa jin zafin maimaituwar bayani a tebur ba zai haddace ƙa'idojin gyaran tebur ne kawai kamar aku. Idan kullum sabon misali kake ɗauka, rabin ƙarfinka a fahimtar misalin zai tafi. Idan kuwa tebura ukun nan ne a gabanka kullum, abin da ke canzawa tambayar ce kaɗai.

Sa'o'i huɗu a rana sun isa, muddin uku daga cikinsu da biro a hannu ka yi su. Kuma ka lura, jerin sauƙi zuwa wuya yana da tarko: abu mai sauƙi yana da daɗin karantawa, sai mutum ya shantake a kansa har kwana uku su wuce, masu wuyar kuma ya haɗa su a daren ƙarshe. Don haka masu sauƙin rana ɗaya-ɗaya za su samu, ko ka gama ko ba ka gama ba ka wuce.

Ranar farko ta makulli ce da zanen ER, wato zanen abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu. Tsarin ajiye bayanai a tebura Edgar Codd ne ya fito da shi a 1970, zanen ER kuma Peter Chen a 1976, to amma shekarun da wuya su kawo maka maki. Abin da zai kawo shi ne ka iya nuna makulli a teburanka. A dalibi, lamba ce babban makulli, wato PRIMARY KEY, domin suna yana iya maimaituwa. A rajista kuwa lamba ita kaɗai ba ta isa ba, tunda ɗalibi ɗaya yana ɗaukar kwasa-kwasai da yawa. Kod ma bai isa ba. Sai an haɗa su biyun. Sannan kowannensu FOREIGN KEY ne da ke nuni zuwa teburinsa na asali. Ka riƙe bambancin nan da kyau, za ka neme shi ranar huɗu: duk tarin kwalam da ke bambanta layi da layi makulli ne a faffaɗar ma'ana, amma makullin takara shi ne wanda in ka cire masa kwalam ɗaya ya daina aiki.

A zanen ER, tambayar da ta fi yawan fitowa ita ce a mayar da zane tebura. Ƙa'idar gajeriya ce. Idan alaƙar ta ɗaya da masu yawa ce, kamar sashe guda da ɗalibansa, makullin ɗayan ne ke shiga teburin masu yawan. Idan ta masu yawa da masu yawa ce, dole a haifi sabon tebur, kuma ka riga ka ga irinsa, shi ne rajista. Zana misali biyu, ka tashi.

Rana ta biyu SQL. Nan ka kunna kwamfuta. SQLite ya wadatar, ba ya buƙatar wani dogon shiri. Amma ka yi shi ta hanyar da jarrabawa za ta tambaye ka: rubuta amsar da kake tsammani a takarda tukuna, sannan ka buga umarnin ka gani. Inda abin da ka rubuta ya saɓa da abin da ya fito, nan ne karatunka yake.

SELECT da WHERE ba za su ci maka lokaci ba. Wurin da nake ganin maki yana zubewa idan ina duba takardu shi ne NULL. A ce a kwas K1 ɗalibai uku sun yi rajista, ɗaya ya ci 70, ɗaya 50, na ukun ba a shigar da makinsa ba.

```sql
SELECT COUNT(*), COUNT(maki), AVG(maki)
FROM rajista
WHERE kod = 'K1';
```

Amsar ita ce 3, 2, da 60. COUNT(*) layuka yake ƙirgawa, COUNT(maki) yana tsallake wanda babu komai, AVG ma haka, shi ya sa ya raba 120 gida biyu. Ɗalibai da yawa 40 suke rubutawa, don sun ɗauki NULL a matsayin sifili. NULL kuwa ma'anarsa ba a sani ba, kuma duk abin da ka gwada da abin da ba a sani ba, amsarsa ma ba a sani ba. Shi ya sa `maki = NULL` ba ya dawo da ko layi ɗaya, sai ka ce `maki IS NULL`. Kuma shi ya sa NOT IN yake yin shiru ya ba ka tebur wayam idan akwai NULL ko ɗaya a jerin da ke cikinsa.

Abu na biyu, tsarin da injin yake bi wajen fassara umarni ya bambanta da yadda kake rubuta shi. FROM ake fara dubawa, sai WHERE, sai GROUP BY, sai HAVING, sannan SELECT, a ƙarshe ORDER BY. Da zarar wannan ya zauna maka, ka san abin da ya sa ba a sa AVG a cikin WHERE: a lokacin ba a riga an tara layuka rukuni-rukuni ba, to matsakaicin me za a ɗauka? HAVING ne wurinsa. Ka rufe ranar da wannan tambayar, wadda kusan kowane malami yana da irinta: ɗaliban da ba su yi rajistar ko kwas ɗaya ba.

```sql
SELECT d.suna
FROM dalibi d
LEFT JOIN rajista r ON d.lamba = r.lamba
WHERE r.lamba IS NULL;
```

JOIN na yau da kullum da ya watsar da su, tunda ba su da abokin haɗi a ɗaya teburin. LEFT JOIN yana riƙe su ya cike gurbin da NULL, kai kuma ka tsince su ta nan.

Rana ta uku ka raba ta biyu. Da safe aljabarar tebura. Mutane suna jin tsoronta saboda haruffan Girka, alhali abin da ka yi jiya ne aka canza masa riga: σ yana zaɓen layuka kamar WHERE, π yana zaɓen kwalam, ⋈ yana haɗa tebura. Ɗauki umarni biyar na jiya ka mayar da su. Bambanci guda da za ka kiyaye: π yana share layukan da suka maimaitu da kansa, SELECT kuwa sai ka ce masa DISTINCT. Alamar rabawa ÷ ita ce mai ɗan taurin kai, kuma kana gane ta daga kalmar "duk" a tambaya, misali ɗaliban da suka yi rajistar duk kwasa-kwasan da ke akwai.

Da yamma indes, wato abin da ke saurin nemo layi a tebur, da bishiyar B+ da ake gina shi da ita. Na sa shi a tsakiya ne domin aikin hannu ne kawai, babu zurfin tunani. Me ya sa ake son bishiyar? Idan kowane kulli yana da rassa wajen 100, hawa uku sun isa su kai ka ga ɗaya daga cikin abubuwa miliyan guda, tunda 100 sau 100 sau 100 ke nan. Abin da za a ce ka yi shi ne shigar da lambobi kana tsaga kulli. A ce ganye yana ɗaukar lamba uku, yana da 10, 20, 30, sai 25 ta zo. Ya tsage: 10 da 20 a hagu, 25 da 30 a dama, a kwafi 25 a kai sama, amma tana nan a ganyen. Idan kullin ciki ne ya tsage, lambar tsakiyar ɗauke ta ake yi gaba ɗaya a kai sama, ba a barin kwafinta. Kwafi a ganye, ƙaura a ciki. A nan ake yawan tuntuɓe. Yadda ake raba lambobin idan ba su rabu daidai ba yana bambanta daga littafi zuwa littafi, saboda haka ka bi irin wanda malaminku ya yi a allo.

Yanzu mun iso inda na ba kwana biyu cur, ranar huɗu da ta biyar: dogaron kwalam a kan kwalam, da gyaran tebura da ake kira nomalaizeshin. A nan ne mafi yawan ɗalibai ke ganin sun gane alhali ba su gane ba, domin ma'anonin matakansa, 2NF da 3NF, suna haddatuwa cikin minti goma, aiki da su kuma sai an sha gumi.

Ka fara da lalata teburanka da gangan. Haɗe su wuri guda: A lambar ɗalibi, B kod ɗin kwas, C maki, D malamin kwas ɗin, E ofishin malamin. Rubuta layi shida, uku daga ciki na K1. Za ka ga hannunka ya rubuta sunan malamin K1 da ofishinsa har sau uku. Idan ya sauya ofis, wuri uku za a gyara, a manta ɗaya teburin ya riƙa ƙaryata kansa. Idan ɗalibin ƙarshe na wani kwas ya janye aka share layinsa, an manta ma wa ke koyar da kwas ɗin. Wannan ita ce cutar. Dogaron da ke cikin teburin kuwa uku ne:

```
AB → C
B → D
D → E
```

Kibiyar tana cewa: in ka san na hagu, na dama ba shi da zaɓi, amsa ɗaya ce tak.

Aikin ranar huɗu kaf shi ne nemo makulli daga irin wannan jeri, kuma makami ɗaya ne, wanda ake rubuta shi da alamar tarawa a kan harafi, kamar B+, amma ba bishiyar jiya ba ce. Ma'anarsa duk abin da za ka iya sani idan an ba ka B. Fara da B. B → D ya ba ka D. Da D a hannu, D → E ya ba ka E. AB → C ba zai buɗu ba tunda ba ka da A. To B+ ya tsaya a BDE, bai game teburin ba, B ba makulli ba ne. Gwada AB: ka samu C, ka samu D, ka samu E, an cika biyar. AB makulli ne. Kuma tunda A shi kaɗai ba ya ba ka komai sai kansa, B ma ya gaza, babu abin da za a rage masa, ya zama makullin takara.

Ga wata dabara da ke rage wahala: duk harafin da bai taɓa fitowa a daman kibiya ba, dole yana cikin kowane makulli, domin babu mai samar maka da shi. A nan A da B ne. Ka fara da su koyaushe, in ba su game ba sannan ka riƙa ƙara haruffa. Yi irin wannan goma a ranar, ka tabbata akwai masu makullin takara biyu ko uku a ciki, domin kuskuren da ya fi tsada shi ne ka samu makulli ɗaya ka tsaya. Duk hukuncin da za ka yanke gobe a kan jerin makullan nan zai dogara, in ya gurgunce komai ya bi shi.

Ranar biyar sai hukunci. Ɗauki kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya. B → D: B ɓangare ne kawai na makullin AB, amma ga D ya rataya a kansa shi kaɗai. Wannan ya karya 2NF, saboda haka teburin a 1NF ya tsaya. Magani, ka fitar da B tare da duk abin da yake janyowa: (A, B, C) gefe guda, (B, D, E) gefe guda. A na biyun makulli B ne, amma E ta hannun D yake zuwa, D kuwa ba makulli ba ne. Wannan ya karya 3NF. Sake tsagawa: (B, D) da (D, E). Dubi abin da ya fito, rajista da kwas ɗinka ne suka dawo, da ƙarin teburin malamai.

Duk tsagawar da ka yi gida biyu, ka gwada ta: kwalam ɗin da tebura biyun suka yi tarayya a kai, shin makulli ne a aƙalla ɗaya daga cikinsu? A tsagawar farko B ne, kuma makulli ne a (B, D, E). Lafiya lau. In ba haka ba, ranar da aka sake haɗa su layukan ƙarya za su iya ɓullowa, waɗanda ba su taɓa kasancewa ba. Ka rubuta wannan gwajin a takardar amsa ko ba a tambaye ka ba. Layi ɗaya ne, kuma mai dubawa yana gane wanda ya san abin da yake yi ta nan.

Sauran BCNF, kuma misali ɗaya ya ishe ka in ka fahimce shi sosai. Tebur mai S ɗalibi, K kwas, M malami. Kwas yana iya samun malamai da yawa, amma kowane malami kwas ɗaya yake koyarwa, kowane ɗalibi kuma malami ɗaya gare shi a kowane kwas.

```
SK → M
M → K
```

Makullan takara biyu ne, SK da SM. Gwada SM+ ka gani. Kibiyar M → K ta tsira a 3NF, domin 3NF yana yafewa idan na daman ɓangare ne na wani makullin takara, K kuwa yana cikin SK. BCNF ba ya yafiya: na hagu dole ya zama makulli, M kuwa ba shi ba ne. In ka tsaga zuwa (M, K) da (S, M), bayani bai ɓata ba, amma ƙa'idar SK → M ba ta da teburin da za ta zauna a ciki, sai an haɗa biyun kafin a iya duba ta. Amsar tambayar nan da ake so, wai me ya sa wani lokaci ake tsayawa a 3NF, ke nan: 3NF koyaushe ana iya kai wa gare shi ba tare da an rasa bayani ko dogaro ba, BCNF kuwa rashin asarar bayani kaɗai ya lamunce maka.

Rana ta shida taransakshan, wato aiki guda da ko a yi shi duka ko a fasa shi duka. Na sa shi a ƙarshe domin a nan lokaci ya shigo cikin lissafi. Teburin ɗaya ne, amma mutum biyu ne ke taɓa shi a tare. Haruffan ACID, wato siffofi huɗu na taransakshan, ka ba su minti ashirin, kowanne da misali daga rajista. Sauran ranar ta jadawali ce.

A ce X gurbin da ya rage ne a wani kwas, guda 10. Ɗalibai biyu sun danna rajista kusan lokaci guda. r karantawa ne, w rubutawa, lambar kuma mai aikin, wato taransakshan T1 ko T2.

```
r1(X) r2(X) w1(X) w2(X)
```

Na farko ya karanta 10, na biyu ma ya karanta 10. Na farko ya rubuta 9, na biyu ma ya rubuta 9. An ba mutum biyu gurbi, lissafi ya nuna ɗaya. Yadda za ka tabbatar da ɓarnar a takarda shi ne zanen wa ya riga wa. Ayyuka biyu suna karo idan na mutane daban ne, a kan abu ɗaya, kuma aƙalla ɗayansu rubutu ne. Karatu da karatu ba sa karo. r1(X) ya riga w2(X), ka ja kibiya daga T1 zuwa T2. r2(X) ya riga w1(X), ka ja daga T2 zuwa T1. Kibiyoyi sun yi zobe, jadawalin ba ya daidai da kowane jeri na ɗaya bayan ɗaya ta fuskar karo. Yanzu gwada wannan:

```
r1(X) w1(X) r2(X) w2(X) r1(Y) w1(Y) r2(Y) w2(Y)
```

A ido a cakuɗe yake, amma duk kibiyoyinsa daga T1 zuwa T2 suke tafiya. Babu zobe, daidai yake da a ce T1 ya gama sannan T2 ya fara. Ka yi shida irin waɗannan, wasu da taransakshan uku. Ka bi abu ɗaya-ɗaya, ka gama da X kafin ka koma Y, in ba haka ba kibiya ɗaya za ta kuɓuce maka, kuma sau da yawa ita ce mai rufe zoben.

Daga nan 2PL, wato ƙa'idar kulle bayani mataki biyu, zai zo maka da sauƙi. Taransakshan yana ta karɓar kwaɗo, amma da zarar ya saki ɗaya ba ya sake karɓar wani. Wannan yana hana zobe a zanen da ka yi ɗazu. Abin da ba ya hanawa shi ne cirko-cirko, wato dedlok: T1 ya kulle X yana jiran Y, T2 ya kulle Y yana jiran X, sai an soke ɗayansu. Mai tsaurin cikinsa yana riƙe kwaɗon rubutu har sai an yi COMMIT ko an fasa, don kada wani ya karanta abin da daga baya za a janye. Farfaɗowa bayan na'ura ta faɗi kuma a kan ƙa'ida ɗaya take: a rubuta canji a kundin tarihi kafin a rubuta shi a teburin da ke faifai. Wanda ya kai COMMIT kafin faɗuwar a maimaita aikinsa, wanda bai kai ba a warware nasa.

Ranar bakwai babu sabon karatu. Da safe ka ɗauki tambayoyin wata shekarar da ta wuce waɗanda ba ka taɓa leƙawa ba, ka rufe littafi, ka sa agogo daidai da lokacin jarrabawar. Da ka gama, ka raba kurakuranka biyu: wanda ka san hanyar amma ka yi ganganci, da wanda hanyar ce ta ɓace maka. Na farkon ka rubuta su a ƙaramar takarda da za ka duba da asuba, irin su NULL a AVG da makullin takara na biyu. Na biyun ka zaɓi guda biyu kacal, masu maki mafi yawa, ka sake yin su a kan tebura ukunka da yamma. A zauren jarrabawa kuma ba lallai ka bi lambobin tambayoyi a jere ba: fara da SQL da zanen ER hannunka ya ɗumama, ka shiga nomalaizeshin tun da sauran lokaci, kuma ka rubuta kowane mataki na nemo makullinka a fili, domin ko amsar ƙarshe ta kauce, matakan suna da makinsu.